Ƙugin da caja ke sa wa sifika

Masu kiɗan biki da masu haɗa na'urorin magana a zauren taro sun san wannan abu. An jona laftop da sifika, sauti na fita tas. Batir ya yi ƙasa, sai a soka caja, nan take wani ƙugi mai kauri ya taso daga sifikar. A zare caja, ya ɗauke. Mafi yawan mutane sukan ɗora laifin a kan cajar ko su ce sifikar ta fara lalacewa, wasu har su sayi sabuwa, su dawo gida su tarar da ƙugin yana jiransu. Sau da yawa kowace na'ura lafiyarta ƙalau, haɗuwarsu ce ta haifar da matsalar.

Sifikar da ake magana a kanta ita ce mai amfilifaya a cikinta, wadda ake jonawa da wutar bango kai tsaye. Idan fuloginta mai ƙafa uku ne, doguwar ƙafar nan ta sama ita ce ta wayar ƙasa, wadda masu aikin wuta ke kira "at". Aikinta tsaro ne: idan wuta ta zame ta taɓa jikin ƙarfen na'ura, ita za ta kwashe ta, fis ya ƙone, mutum ya tsira. Cajar laftop mai ƙafa uku ita ma tana da wannan waya, kuma a cajoji da yawa tana haɗe da jikin laftop ɗin. Ita kuwa wayar sauti da ke tsakanin laftop da sifika, a cikinta akwai wata saƙar tagulla da ta lulluɓe siririyar wayar tsakiya, kuma saƙar tana haɗa jikin laftop da jikin sifika.

Ka bi hanyar da ido: daga soket zuwa caja, daga caja zuwa laftop, ta wayar sauti zuwa sifika, daga sifika a koma soket. Zobe ya rufe. Ana zaton wayar ƙasa ba ta ɗauke da komai, amma a zahiri firji da fanka da cajoji suna ɗan tsiyayar da wuta a cikinta, ga kuma maganaɗisun wayoyin wuta da ke kusa yana tayar da wata 'yar wutar a cikin zoben. Da zarar an sami zobe rufaffe, wannan wuta za ta zaga, kuma dole ta bi ta saƙar wayar sauti. A waya mai ƙaramin kai irin na iyafis, ko mai kawuna ja da fari da ake kira RCA, saƙar nan ita ce kuma hanyar da sauti ke komawa. Sifika ba ta da yadda za ta bambance waƙa da baƙuwar wuta, sai ta ƙara musu ƙarfi tare. Wutar Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa ƙugin yake da murya ɗaya mai kauri da ba ta hawa ba ta sauka.

Mu ɗauki zauren ɗaurin aure inda laftop ke kan tebur a soket na baya, sifika kuma tana gaba a wani soket, da wayar sauti mai mita 10 a tsakani. A ce turjiyar saƙar wayar rabin om ce, wutar da ke zagawa kuma miliamfiya 10. Idan aka ninka, za a sami milibolt 5 na ƙugi. Sautin da laftop ke fitarwa idan an ɗaga shi sosai yakan kai milibolt 300 ko fiye, wato ya ninka ƙugin sau 60. Ana cikin kiɗa ba za a lura ba, sai an yi shiru. Amma idan mai kiɗan ya rage sautin laftop har ya koma milibolt 30, ya je ya murɗe na sifika, bambancin ya dawo ninki 6 kacal, kuma duk wanda ke zauren zai ji. Don haka maganin farko kyauta ne: a ɗaga sautin laftop zuwa kusan ƙarshe, a rage na sifika. Bai kashe ƙugin ba, amma ya danne shi.

Kafin a kashe kuɗi, a tabbatar da cutar. A zare wayar sauti daga jikin sifika gaba ɗaya. Idan ƙugin bai tafi ba, laifin na cikin sifikar ne, sai mai gyara. Idan ya tafi, a mayar da wayar, a zare caja daga bango. In ya ɗauke da zarewar, ta caja zoben ke rufewa. A kuma saurari muryar: wani lokaci tsuwa ce siririya da ke canzawa idan an motsa linzamin kwamfuta ko an buɗe bidiyo. Wannan hayaniyar cikin laftop ɗin ce ta sami hanya ta zoben.

Mataki na gaba shi ne a jona caja da sifika a ekistenshan guda ɗaya, a bar sokets biyu masu nisa. Hakan yana tsuke zoben, kuma a ɗakin zama sau da yawa ya wadatar. In ya ƙi, sai a yanke zoben ta gefen sauti. Akwai wata 'yar na'ura da ba ta wuce akwatin ashana ba, a jikin kwalinta an rubuta ground loop isolator. Ƙananan taransifoma ne a ciki, sauti yana tsallakawa ta maganaɗisu ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba, baƙuwar wutar kuwa ta rasa hanya. Ana saka ta tsakanin laftop da sifika, ba ta bukatar batir. Aibinta shi ne masu arha sukan rage kaurin ganga. Wanda sana'arsa ce, a ganina gara ya sayi akwatin DI mai makunnin GROUND LIFT, ya ja wayar XLR daga nan zuwa mikisa ko sifika. XLR tana kai sauti ta wayoyi biyu, sifika ta ɗauki bambancin da ke tsakaninsu kawai, hayaniyar da ta hau dukkansu sai ta soke kanta. Idan kuma sifikar tana da Bluetooth, zancen ya ƙare, tunda babu waya babu zobe.

Cajar mai ƙafa biyu labarinta daban ne. Ba ta da wayar ƙasa, don haka ba ta rufe zobe irin wancan, amma akwai wani ɗan kafasito a cikinta da ke barin wuta kaɗan ta tsiyaya zuwa jikin laftop. Ita ce ke sa ka ji ɗan tsikari idan ka shafa laftop mai jikin ƙarfe yana caji. Idan aka jona sifika, tsiyayar takan bi ta wayar sauti, a ji zuza mai kaushi. Jabun cajoji sun fi yin wannan, kuma canzawa zuwa ta asali yakan rage shi sosai. Haka abin yake a gidan da aka sa sokets masu rami uku amma ba a ja wayar ƙasa ba, ko a wajen biki da ake aiki da janareto ba a kafa masa ƙarfe a ƙasa ba.

Akwai dabara ɗaya da ta yaɗu wadda nake roƙon a bari: karya ƙafar sama ta fulogin sifika, ko yanke wayar nan mai launin kore da rawaya. Ƙugin yakan tafi kuwa, shi ya sa ake yi. Amma ranar da wuta ta zame a cikin sifikar, hanyar da ta rage mata ita ce wayar sauti, ta bi zuwa laftop da mikisa da makirufo, har hannun mai riƙe da shi. Makunnin GROUND LIFT na akwatin DI saƙar wayar sauti kaɗai yake cirewa, wayar tsaro ta fulogi tana nan a haɗe. Idan taro ya riga ya fara kuma babu komai a hannu, a cika batir lokacin hutu, a zare caja idan za a fara magana.