Baka miƙe da sanda jirge: yadda ake karanta alamomin sauti a ajin kimiyyar harshe

Duk wanda ya zauna a ajin farko na kimiyyar harshe ya san lokacin da malami zai haska allon majigi, sai ga wasu baƙaƙe da ba a taɓa gani a firamare ba: [ʃ], [ŋ], [ʔ], [ɽ]. Wasu an kewaye su da baka miƙe, wato [ ], wasu kuma an sa su tsakanin sanda jirge biyu, wato / /. Yawancin ɗalibai kwafewa kawai suke yi, su bar fahimta sai daren jarrabawa. Alhali abin da ya raba baka miƙe da sanda jirge shi ne darasin gaba ɗaya, kuma Bahaushe yana da misalansa a bakinsa.

Alamomin dai na wata ƙungiyar masana furuci ce da aka kafa a Paris a 1886, ƙarƙashin jagorancin Paul Passy, ta kuma fitar da jerin baƙaƙenta na farko a 1888. A allo za ka ga ana kiran jerin IPA. Ƙa'idarsa ita ce kowane sauti alamarsa ɗaya, ko a wane harshe aka same shi. Bokon Hausa bai yi nisa da wannan ba, domin ɓ da ɗ namu haka suke a IPA. Amma kusancin nan ne kan yaudari mutum. Alamar [j] ba ja ba ce, ya ce, don haka yaro zai fito a allo [jaːɽoː], jaki kuwa [dʒaːkiː]. Ca ɗinmu ta ciyawa [tʃ] ce, sha kuma [ʃ]. Ƙa ana rubuta ta [kʼ]. Ita kuwa [y] wasali ce, wadda ɗan Maraɗi ko Damagaram da ya yi makarantar Faransanci ya sani a kalmar tu. Ɗigo biyun nan masu kama da ƙananan dala, ː, suna nuna an ja wasali, kuma su ne suka raba gari na zama, [ɡariː], da gari na tuwo, [ɡaːriː], idan muka ɗan kau da kai daga irin ra ɗin da ke ciki. Sai [ʔ], hamzar da ke tsakiyar sa'a, wadda kuma take gaban duk kalmar Hausa da a rubuce ta fara da wasali, kamar aiki da ido, ko da yake ba ma rubuta ta a can.

Haddar waɗannan ba ta wuce 'yan kwanaki. Inda aikin yake shi ne gane cewa allon yana amsa tambayoyi biyu daban. Baka miƙe yana faɗin abin da ya fito daga baki, kamar yadda kunne ko na'ura za su kama shi. Sanda jirge kuwa tana faɗin abin da masu harshen suka ɗauka sauti guda ne, wanda in an sauya shi da wani sai ma'anar kalma ta sauya. Wannan na biyun shi malaman Hausa ke kira ƙwayar sauti. Ƙwayar sauti ɗaya tana iya fita ta fuska biyu ko uku, kuma waɗannan fuskokin su ne takwarorin sauti.

Bari mu ɗauki baƙin na, mu bi shi a hankali, kamar yadda ake ba ɗalibai a jarrabawa. Ga kalmomi takwas: nama, noma, gona, hanta, bango, hankali, sanƙo, can. Faɗi nama, ka lura da inda harshenka ya taɓa. Tsininsa ne ya dafa bayan haƙoran sama, wurin da ake kira hanƙa. Haka yake a noma da gona da hanta. Yanzu faɗi bango, ka tsaya a kan ban kafin ka ƙarasa. Tsinin harshen yana kwance, bai taɓa komai ba. Doron harshe ne can baya ya tashi ya manne da hanɗa, iska kuma tana fita ta hanci. Wannan sauti dabam ne, alamarsa [ŋ]. Shi ne a hankali da sanƙo, shi ne kuma a ƙarshen can. Ke nan malami zai rubuta [naːmaː] da [hantaː] a gefe guda, [baŋɡoː] da [haŋkaliː] da [tʃaŋ] a ɗaya gefen.

Sautuka biyu ke nan babu shakka. To ƙwayoyin sauti biyu ne? Hanyar ganewa ta farko ita ce a nemi kalmomi biyu da suka yi daidai a komai sai a wannan wuri ɗaya, kuma ma'anarsu ta bambanta. Ana kiran irin wannan zubin kamantau. Baki da baƙi zubin kamantau ne, shi ya tabbatar da cewa /k/ da /ƙ/ ƙwayoyi biyu ne. Haka daka da ɗaka, haka bari da ɓari. To nemi kalmomin Hausa biyu da [n] da [ŋ] kaɗai suka raba. Za ka kwana kana nema ba ka samu ba.

Rashin samu kaɗai bai isa hujja ba, domin wataƙila kai ne ba ka iya nema ba. Saboda haka sai a koma hanya ta biyu, a duba maƙwabtan kowane sauti. Ɗalibi ya ja layi a takarda, ya rubuta abin da ke biye da [ŋ] a kowace kalma: g a bango, k a hankali, ƙ a sanƙo, ƙarshen kalma a can. Duk baƙaƙen nan uku a hanɗa ake furta su, daidai inda ake furta [ŋ]. Shi kuwa [n] yana zuwa a farkon kalma, ko gaban wasali, ko gaban t wanda shi ma ɗan hanƙa ne. Inda ɗaya yake ba a ganin ɗayan. Wurin ne ke zaɓar wanda zai fito, mai magana ba shi da ta cewa. Dalilin kuwa na jiki ne: harshe yana riga baki shiri, tun yana kan na ya riga ya nufi inda zai furta ga, sai na ɗin ta ɗauki wurin furucin maƙwabciyarta. Wannan shi ne naso. Hukuncin ke nan: ƙwayar sauti ɗaya ce, /n/, mai takwarori [n] da [ŋ]. A allo za a taƙaita shi haka:

```
/n/ → [ŋ] / __ k, g, ƙ
/n/ → [ŋ] / __ #
```

Kibiya tana nufin ana furta shi kaza. Sandar da ke tsaye ita kaɗai bayan [ŋ] ba ta kewaye komai ba, ma'anarta a muhallin kaza, kuma nan ɗalibai da yawa kan rikice. Layin kwance shi ne mazaunin sautin da ake magana a kansa, alamar # kuma iyakar kalma ce.

Wanda ya yi tajwidi zai ga abin ba baƙo ba ne. Hukunce-hukuncen nun mai ɗauri duk bayani ne na yadda baƙi guda ke sauya fita gwargwadon abin da ya biyo shi, kuma iƙlabi, inda nun ke komawa mim a gaban ba, yana faruwa a Hausa kullum. Muna rubuta gidan Bala, amma abin da leɓɓa ke yi [ɡidam balaː] ne. Sai dai a nan akwai ɗan tarko. /m/ ƙwayar sauti ce mai zaman kanta, tunda nama daban, mama daban. Don haka [m] da ka ji a allo tana iya zama ta /m/, tana kuma iya zama /n/ ce da naso ya taɓa. Haka [ŋ] ma: a bakin Bakano malam da kullum sukan ƙare da [ŋ]. Sauti shi kaɗai ba ya faɗin gidansu, sai an ga yadda kalmar ke yi a wasu wurare. Malamai da malama su suka nuna cewa /m/ ce a ƙarshen malam.

Abu na gaba da ya kamata a riƙe shi ne hukuncin na harshe ɗaya ne, ba ya tsallaka iyaka. Akasarin hotunan majigi na ajin farko da misalan Turanci aka shirya su, kuma a Turanci sin da sing zubin kamantau ne, don haka /n/ da /ŋ/ ƙwayoyi biyu ne a can. Misalin da suka fi so kuwa shi ne pin da spin. A ta farko ana sakin 'yar iska bayan p, a rubuta [pʰ], a ta biyu babu, a rubuta [p]. Ka riƙe 'yar takarda gaban leɓɓan Bature za ka ga ta motsa a ta farko. Ga Bature sauti ɗaya ne, /p/. Ga mai jin Hindi kuwa wannan 'yar iska ita ta raba kalmar ɗan lokaci da kalmar 'ya'yan itace.

Mu ma muna da namu. Fa ta Hausa ana iya furta ta da leɓɓa biyu a ɗan buɗe, [ɸ], ko a rufe su ruf, [p], kuma a Sakkwato da sassan Nijar za ka ji hwara a maimakon fara. Ma'ana ba ta motsa ba. Shi ya sa fensir da famfo da fasinja suka shigo da fa. Bambanci na karin harshe irin wannan, baka miƙe ne ke ɗaukarsa.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa a takardun ɗalibai, a ganina, shi ne ɗaukar rubutun boko a matsayin jerin ƙwayoyin sauti, a kwashi kalma yadda take a littafi a tura ta tsakanin sanda jirge. Bokonmu yana da kyau, amma ya bar abubuwa uku a waje. Bai nuna tsawon wasali ba, bai nuna karin sauti ba, wanda shi ya raba kuka na hawaye da kuka ta miya, kuma ya haɗe ra biyu a harafi ɗaya. Bara mai yi wa sarki hidima da ra-kaɗe ake faɗarsa, /ɽ/, inda harshe ke lanƙwashewa baya ya kaɗo gaba sau ɗaya. Bara ta almajiri kuwa da ra-gare ce, /r/. Tsawon wasulansu ɗaya, karinsu ɗaya, ra ɗin ce kawai ta raba su. Zubin kamantau ne cikakke, wanda ido ba zai taɓa gani a jarida ba.

Saboda haka in an ba ka jerin kalmomi na wani harshe da ba ka sani ba, kada ka dogara da kunnenka na Hausa, kada kuma ka dogara da harafin. Fara da neman zubin kamantau. In ka samu ko da guda ɗaya tabbatacce, ƙwayoyi biyu ne, ka sa kowanne a sanda jirge. In ba ka samu ba, jera maƙwabtan kowane sauti ka ga ko sun raba wurare. In sun raba, kuma suna kama da juna a furuci, wanda ya fi yawan wuraren zuwa shi za ka sa a sanda jirge, sauran su zauna a baka miƙe.