Musayar Hannun Jari Wajen Haɗiye Kamfani: Yadda Ribar Hannu Ke Ƙaruwa ko Raguwa

A cikin wannan maƙala muna so mu duba abin da kan sami masu jari idan kamfaninsu ya sayi wani kamfani, amma maimakon ya biya tsabar kuɗi sai ya buga sababbin hannayen jari ya ba masu wancan. Kalmomi biyu za mu riƙa amfani da su. Ta farko ita ce "ribar hannu", watau ribar shekara bayan haraji idan aka raba ta ga yawan hannayen jari. Ta biyu ita ce "ninki", watau sau nawa farashin hannu guda a kasuwa ya ninka ribarsa. Hannun da ake sayarwa naira 40 alhali ribarsa naira 2 ce, ninkinsa 20 ke nan.

Bari mu ƙaddara kamfanoni biyu na casar shinkafa a kwarin kogin Haɗeja, ɗaya a Haɗeja, ɗaya a Guri. Na Haɗeja ribarsa naira miliyan 200, hannayensa miliyan 100, farashin hannu naira 40. Na Guri ribarsa naira miliyan 100, hannayensa miliyan 50, farashin hannu naira 20. Kowannensu ribar hannunsa naira 2 ce, amma ninkin na Haɗeja 20 ne, na Guri kuwa 10. Kasuwa ba ta yi zalunci ba a nan. Tana sa ran ribar na Haɗeja za ta yi ta hauhawa, shi kuwa na Guri tana tsoron ambaliya da kachalar da ke toshe hanyoyin ruwa, waɗanda kan sa shanshera ta samu bana ta yi wuya baɗi.

To, na Haɗeja ya sayi na Guri a kan farashin kasuwa, watau naira biliyan 1. Tun da hannunsa naira 40 ne, sababbin hannaye miliyan 25 sun ishe shi biya. Riba ta haɗu ta zama miliyan 300, hannaye sun zama miliyan 125, ribar hannu ta tashi daga naira 2 zuwa naira 2 da kobo 40. Ba a ƙara casa ko buhu ɗaya ba, amma ga ƙari na kashi 20 cikin ɗari. Dalili shi ne riba ta ƙaru da rabi, hannaye kuwa da rubu'i kaɗai.

Da a ce na Guri ne ya sayi na Haɗeja, sai ya buga hannaye miliyan 200 kafin ya biya naira biliyan 4. Ribar dai miliyan 300 ce, amma a kan hannaye miliyan 250, sai ribar hannu ta faɗo zuwa naira 1 da kobo 20. Ƙa'idar ke nan: mai babban ninki in ya sayi mai ƙarami, ribar hannunsa ta ƙaru, in aka juya, ta ragu.

Sai dai ba a cika sayen kamfani a kan farashin kasuwa ba, dole a yi wa masu shi ƙari kafin su sallama. Saboda haka ninkin da ya kamata a duba shi ne na kuɗin da aka biya. In na Haɗeja ya biya naira 30 a kan kowane hannu, zai buga miliyan 37.5, ribar hannu ta tsaya a naira 2 da kobo 18. In ya biya naira 40, ninkin ciniki ya zama 20 daidai da nasa, ba ƙari ba ragi. In ya kai naira 50, ta koma naira 1 da kobo 85.

Abin tambaya a nan shi ne, daga ina kobo 40 ɗin nan ya fito? Daga hannun mutanen Guri ya fito. Wanda yake da hannu biyu masu kawo ribar naira 4, yanzu hannu ɗaya gare shi mai kawo naira 2 da kobo 40. Ba a cuce shi ba kuwa, gama an ba shi rabo a cikin bunƙasar da ake sa ran na Haɗeja zai yi. Mu ɗauka ribar na Haɗeja tana ƙaruwa da kashi 15 cikin ɗari kowace shekara, ta Guri kuwa tana nan yadda take. A shekara ta biyar ribar Haɗeja ta kai kimanin miliyan 402. Da bai sayi kowa ba, ribar hannunsa naira 4 da kobo 2 ce, kuma bayan haɗewar ma haka take, watau miliyan 502 a kan hannaye miliyan 125. A shekara ta shida kuwa sai lissafi ya juya: naira 4 da kobo 63 da ya zauna shi kaɗai, naira 4 da kobo 50 bayan haɗewa. Ashe ƙarin farko rance ne daga ribar gobe.

Don haka ne bai kamata ninkin kamfanin da ya haɗe ya zauna a 20 ba. Darajar kamfanonin biyu naira biliyan 5 ce, hannu yana nan a naira 40, ninki ya sauko ƙasa kaɗan da 17. In kasuwa ta ruɗu ta ci gaba da ninkawa sau 20, hannu ya hau naira 48, an sami naira biliyan 1 wadda babu injin da ya casa ta. Da irin wannan ruɗu ne manyan kamfanonin tara-gwangwan na Amirka suka yi tashe a shekarun 1960, kafin farashinsu ya rushe a ƙarshen shekarun. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a ware ribar kamfanonin da aka saya, a ga ko tsohon aikin yana girma da kansa.

Misali na zahiri mafi kusa da mu shi ne na kamfanin siminti na Sakkwato, CCNN, wanda ya haɗe da kamfanin simintin Kalambaina na rukunin BUA a ƙarshen 2018 ta hanyar musayar hannun jari. Hannayen CCNN sun tashi daga kimanin biliyan 1.26 zuwa kimanin biliyan 13.14. Ribarsa ta 2017 kimanin naira biliyan 3.2 ce, watau wajen naira 2 da kobo 57 a kan hannu. Kafin ribar hannu ta tsaya a nan bayan haɗewa, sai ribar shekara ta haura naira biliyan 33. Tsofaffin hannaye sun koma ƙasa da ushirin kamfanin, alhali masana'antarsu mai tan 500,000 a shekara ita ce rubu'in tan miliyan 2 da aka haɗa.

Amma a nan lalle ne mu yi hattara. Kalambaina ba ya cikin kasuwar hannun jari, kuma a 2018 ɗin aka buɗe masana'antarsa, saboda haka ba shi da ribar cikakkiyar shekara da za a auna ninki da ita. Ninkinsa a kan ribar da ta gabata ya yi girma ƙwarai, raguwar ribar hannu a farko kuwa ba makawa. Tan na sabuwar tanderu ma ba ɗaya yake da na tsohuwa ba wajen cin makamashi. Abin da ya dace ƙaramin mai jari ya tambaya shi ne, cikin shekara nawa ribar sabuwar masana'antar za ta cike giɓin, kuma wane ne ya yi ƙimar, tun da BUA ne babban mai jari a ɓangarorin biyu. Kafin a ga amsar a littattafan CCNN, an sake haɗe shi da kamfanin simintin Obu, aka sa BUA Cement a kasuwar hannun jari a watan Janairu na 2020.