Kafin Ka Biya Kuɗin Talla, Tambayi Da Me Aka Raba

A ce wata mai ɗinki a Gangaren Tudu tana son tallata kayan sallah ga ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi. Masu shafi biyu a Instagram suka kawo mata kansu, kowanne yana cewa mutane sun fi kula abin da yake wallafawa. Mai yiwuwa ba wanda ya yi ƙarya, domin lissafin iri biyu ne.

Saman lissafin ɗaya ne: a tara motsin mutane, wato so, da sharhi, da turawa, da ajiyewa. A ƙasa aka rabu. Wasu da yawan mabiya suke rabawa, wasu kuma da yawan waɗanda saƙon ya isa gare su, abin da manhajar ke kira Reach.

```
(likes + comments + shares + saves) ÷ followers × 100
(likes + comments + shares + saves) ÷ reach × 100
```

Mu ɗauka mai shafi na farko yana da mabiya 20,000. Hotonsa ya isa ga mutum 4,000, aka sami motsi 400. In an raba da mabiya, kashi 2 cikin ɗari ke nan. In da Reach ne, kashi 10. Na biyu mabiyansa 2,000 ne kacal, amma bidiyonsa ya bazu har ga mutum 30,000, aka sami motsi 600. Da mabiya ya ci kashi 30, da Reach kuwa kashi 2. Wanda ke gaba a lissafin farko shi ne a baya a na biyu.

Me ya jawo haka? Tun 2016 Instagram ya daina jera saƙonni bisa lokacin fitowarsu, manhaja ce ke zaɓar wa kowa abin da zai gani. Ba duk mabiyi ke ganin saƙonka ba, gajeren bidiyo kuma yakan kai ga dubban da ba sa bin ka. Kashi 30 ɗin nan, galibinsa baƙi ne suka kawo shi, aka raba da 'yan gida. Shi ma kashi 10 yana da nasa lauje cikin naɗi: mutum 4,000 cikin 20,000 ɗaya ne bisa biyar, wataƙila ma duk masoyan da suka saba dannawa ne. Sauran fa? Ko sun daina leƙowa, ko sayo su aka yi.

A ganina, in ana son sanin ko saƙo ɗaya ya burge waɗanda suka gan shi, Reach ne ma'auni. Raba da mabiya ya fi dacewa da auna ko shafi na da rai, shi ma sai an ɗauki matsakaicin saƙonni da dama, kada bidiyo guda da ya yi farin jini ya ruɗe ka.

Mai shafi kaɗai ke ganin Reach da yawan ajiyewa. Don haka, Hajiya mai ɗinki, ki ce kowannensu ya buɗe miki Insights a wayarsa, ki duba har garuruwan mabiyansa. In Kano da Legas suka fi yawa, ba su ne za su zo Gangaren Tudu a gwada su ba.