Yadda ake saka haƙuri a cikin minti ɗaya

Gajeren saƙon da ake sakawa a rediyo tsakanin shiri da shiri, ko wanda ake turawa a waya da murya, yawanci bai wuce daƙiƙa 60 ba. Idan kan haƙuri ne, kusan kowa ya san abin da zai ji: karin magana biyu, nasiha ɗaya, sannan a ce komai mai wucewa ne. Duk gaskiya ne. Matsalar ita ce wanda aka yi saƙon dominsa, wato mutumin da ke cikin wahalar, ya ji waɗannan kalmomi daga bakin kowa tun ranar da abin ya same shi. Kunnensa ya riga ya saba. Abin da zai tsayar da shi shi ne labarin mutum ɗaya irinsa, da abin da mutumin ya yi da hannunsa washegari.

Mu fara da ma'auni. Mai karatu cikin natsuwa, wanda yake barin numfashi tsakanin jimloli, yakan ci kalma 120 zuwa 140 a minti ɗaya. Wannan shi ne duk filin da marubuci yake da shi. Ba ya ɗaukar mutum biyu da tarihinsu, ba ya ɗaukar sallama mai tsawo. Mutum ɗaya, asara ɗaya, aiki ɗaya.

Ga misali. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni da yawa na Maiduguri, ciki har da Gwange, mutane masu ɗimbin yawa suka bar gidajensu. Telan da ke cikin wannan rubutu ƙirƙirarsa na yi, amma na gina shi a kan irin abin da ambaliya take yi wa masu sana'ar hannu:

"Daren da ruwan Alau ya shiga Maiduguri, wani tela a Gwange ya fita da 'ya'yansa, ko takalmi babu.

Da ruwa ya janye, ya koma shago. Yadin mutane duk ya ruɓe. Kekensa ya cika da laka, ya ƙi juyawa. Ya zauna a bakin ƙofa ya yi kuka.

Washegari ya sayo kananzir rabin kwalba. Ya kwance keken, ƙarfe bayan ƙarfe, yana gogewa da tsohon buroshi. Da yamma ya bi gidajen masu kaya: 'Yadinku ya lalace a hannuna, ku ba ni lokaci, zan biya.' Wasu suka yafe. Wasu suka zage shi. Bai rama ba.

A rana ta tara keken ya juya. Aikin farko facin wandon ɗan makaranta ne. Har yau bai gama biyan bashi ba, amma kullum yana buɗe shago.

Mai sauraro, in akwai irinsa a unguwarku, kai masa ɗinki."

Rubutun bai kai kalma 130 ba. Mai karatu zai lura ba a buɗe da kwanan wata ba, kuma da dalili. Lamba a takarda gajera ce, amma a baki doguwa ce: 2024 kaɗai sai an ce dubu biyu da ashirin da huɗu, kalma shida ke nan sun tafi. "Daren da ruwan Alau ya shiga Maiduguri" ya faɗi wuri da lokaci a numfashi ɗaya, kuma duk wanda ya san abin ya riga ya tsaya.

Kukan telan ma ba ado ba ne. Marubuta da yawa suna cire irin wannan jimla don tsoron kada a ce mutumin ya gaza. A ganina cire ta ne yake kashe labarin. Musulmi sun san Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim, don haka hawaye ba sa kore haƙuri. Wanda ya yi asara, in ya ji an nuna masa gwarzon da ko gezau bai yi ba, sai ya ɗauka shi ne mai raunin imani, ya kashe rediyon da ƙarin nauyi a zuciya. Bayan wannan jimla a bar shiru na daƙiƙa biyu, kuma a rubuta shirun a takarda don kada mai karatu ya wuce shi.

Rabo mafi girma, kusan daƙiƙa 25, na sashen tsakiya ne, inda ake ganin aikin. Nan ne marubuci zai nuna ya je ya tambaya. Tela ya san kananzir ne yake sassauta tsatsa da datti a cikin keke kafin a sa masa mai, kuma ya san abin da ya fi hana shi barci ba keken ba ne, yadin mutane ne da aka ba shi amana. Shi ya sa zagayen gidaje ya fi gyaran keke nauyi. Mutum ya tsaya a ƙofar wanda yake binsa, ya amsa asarar, a zage shi ya haɗiye: mai sauraro ba ya bukatar a gaya masa sunan wannan hali. Idan labarin manomi ne ko mai ƙosai, sai a nemo irin waɗannan abubuwa daga bakin masu sana'ar, domin da zarar an yi kuskure a kayan aiki, masu aikin sun daina yarda da sauran maganar.

Inda aka fi ɓata irin wannan rubutu shi ne ƙarshe. Hannu yana ƙaiƙayi a sa wani alhaji ya tsaya da mota ya saya wa telan sabon keke, ko a ce yau yana da shago uku. Bahaushe ya ce mahaƙurci mawadaci, amma babu wanda ya yi alkawarin wadatar za ta zo cikin wata uku. Yawancin waɗanda za su ji saƙon ba wanda zai tsaya musu da mota, kuma sun san haka. Facin wando da bashin da ba a gama biya ba shi ne ƙarshen da za su gane, saboda irinsa suke ciki.

Akwai kuma iyaka da ya kamata a kiyaye. Haƙuri da ƙaddara daban, yin shiru a kan sakaci ko zalunci daban. Saƙon minti ɗaya ba zai iya ɗaukar bayanin dalilin ɓallewar madatsa ba, amma bai halatta ya bar wa mutane tunanin cewa tambaya a kan hakan rashin haƙuri ce ba. Haka nan idan labarin matar da ake duka ne a gidan aure, kada rubutun ya ƙare da ce mata ta zauna kawai. Jimlar ƙarshe ta misalinmu ma ba a jefa ta ga telan ba, ga maƙwabcinsa aka jefa ta, aka ba shi abin da zai iya yi yau.

Kafin a ɗauki murya, a karanta da ƙarfi ana duba agogo, a nufi daƙiƙa 55 don a bar wa shiru da sautin buɗewa wuri. In ya wuce, a rage kalmomi, kada a ƙara sauri. Sannan a karanta wa wanda bai ga takardar ba, a ce ya maimaita. In ya ambaci kananzir da zagayen gidaje, rubutun ya kama. In abin da ya iya cewa kawai shi ne "an ce a yi haƙuri", a koma sashen tsakiya a sake.

Idan kuwa labarin mutum na gaske za ka yi amfani da shi, ka nemi izininsa tukuna, ka karanta masa abin da ka rubuta, kuma ka sakaya sunansa da duk abin da zai sa masu binsa bashi ko 'yan unguwa su gane shi.