Manhajar na nan lafiya, sunanta ne ya ɓace

Wani lokaci manhajar sayayya ko ta banki takan tsaya cak na daƙiƙa 5, sannan ta ci gaba kamar ba abin da ya faru. Injiniyoyi su duba, na'urori duk suna aiki, babu wadda ta mutu. Sau da yawa abin da ya faru shi ne wani ɓangaren manhajar ya nemi adireshin wani, ba a amsa masa ba.

Manyan manhajojin yau a yanke suke gunduwa-gunduwa, kuma tsarin da aka fi amfani da shi wajen tafiyar da su shi ne Kubernetes. Kowace gunduwa tana gudana cikin abin da ake kira `Pod`, wanda adireshinsa ke sauyawa duk lokacin da aka kashe shi aka tayar da wani. Don haka ba a haddace lamba, da suna ake kira. Mai juya suna zuwa lamba shi ne CoreDNS, wanda ya zama zaɓin farko na Kubernetes tun fitowa ta 1.13 a 2018. Aikinsa irin na mai unguwa ne: baƙo ya faɗi sunan mutum, a nuna masa gida. In masu tambaya suka yi masa yawa, har ɗan unguwa sai ya rasa mai amsa masa.

To daga ina cunkoson yake fitowa? Mu ɗauki kantin intanet mai ɓangaren karɓar oda a sashen da aka sa wa suna `kanti`. A cikin kowane `Pod` nasa akwai fayil ɗin `/etc/resolv.conf` mai kama da wannan:

```
search kanti.svc.cluster.local svc.cluster.local cluster.local
nameserver 10.96.0.10
options ndots:5
```

Layin ƙarshe ne mai jawo magana. Ma'anarsa, duk sunan da ɗigonsa bai kai 5 ba, a fara ɗaukarsa a matsayin na cikin gida, a riƙa liƙa masa wutsiyoyin da ke layin farko ɗaya bayan ɗaya. An yi haka ne don sauƙi, a rubuta `biya` kawai a samu ɓangaren biyan kuɗi. Amma idan manhajar ta nemi sunan waje, kamar `api.example.com` mai ɗigo biyu, sai an gwada wutsiyoyi uku an ce babu, a na huɗu ne za a dace. Kuma galibi kowane gwaji tambaya biyu ce, ɗaya ta adireshin IPv4, ɗaya ta IPv6. Buƙata ɗaya ta zama tambaya 8 ke nan. Kantin da ke neman sunan waje sau 500 a daƙiƙa yana jibga wa CoreDNS tambaya 4,000, kuma 3,000 daga ciki tun farko an san amsarsu "babu". Alhali in da `kubeadm` aka kafa tsarin, kwafi biyu kacal na CoreDNS ake samu, kowanne da iyakar ma'adana `170Mi`. Tambayar da ta salwanta a cunkoson, mai ita yakan jira daƙiƙa 5 kafin ya sake aikowa. Tsaikon da mai waya ya gani ke nan.

Kafin a taɓa komai, a bambance cunkoso da kuskuren saiti. A shiga cikin `Pod` ɗin da ke kuka a buga:

```
nslookup kubernetes.default
```

In amsa ta zo nan take amma `biya` ya dawo da `NXDOMAIN`, CoreDNS ba shi da laifi. Wataƙila ɓangaren biyan kuɗin yana wani sashe ne, misali `kudi`, sai an kira shi `biya.kudi`. In kuwa amsa na zuwa yanzu ta ƙi zuwa an jima, cunkoso ne, a duba ko ana ta kashe CoreDNS da alamar `OOMKilled`. In kuma shiru ne ɗif kowane lokaci, a binciki dokar `NetworkPolicy`, domin akan rufe hanyoyin fita a manta da ƙofa ta 53 da tambayoyin ke bi.

Da yawa sukan garzaya su ƙara kwafin CoreDNS. Yana rage zafi, amma a ganina rage tambayoyin banza ya kamata a fara da shi, tunda kusan kyauta ne. Ɗigo ɗaya a ƙarshen suna, `api.example.com.`, yana sanar cewa sunan cikakke ne, tambaya 8 ta koma biyu. Ana kuma iya rage `ndots` zuwa 2 ta hanyar `dnsConfig`, sai dai a lura: suna irin `biya.kudi.svc` za a fara nemansa a waje kafin a dawo gida, ya ɗan ƙara jinkiri. Idan na'urorin sun yi yawa, akwai NodeLocal DNSCache, wanda ya kammala zama a fitowa ta 1.18. Yana ajiye amsoshi a kan kowace na'ura, sai sunan cikin gida da bai sani ba yake miƙa wa CoreDNS, ta hanyar TCP mai sake aika saƙon da ya ɓace.