Daga YouTube Zuwa Asusun Banki: Yadda Kuɗin Mai Tasha Ke Isowa Hannu

Masu ɗora bidiyo da yawa a Nijeriya suna ganin dala tana taruwa a shafinsu na YouTube Studio, amma a yi wata da watanni ko sisi bai shiga asusunsu ba. Sau da yawa ba cutarsu aka yi ba. Tsakanin adadin da ke allo da kuɗin da ke aljihu akwai shingaye uku: adireshi, haraji da banki.

Tasha tana fara samun rabon kuɗin talla ne idan ta kai mabiya 1,000, tare da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. A dogon bidiyo, mai tasha yana samun kashi 55 cikin 100. Kuɗin yana bi ta asusun AdSense na kamfanin Google, kuma asusu ɗaya tak aka yarda mutum ya mallaka.

Da zarar kuɗi ya kai dala 10, Google zai aiko da wasiƙa ta gidan waya ɗauke da lambar PIN mai alƙaluma shida, don ya tabbatar da adireshi. Nan ne mutanenmu suka fi maƙalewa, domin kwatance irin "bayan masallacin Juma'a" ba ya kai ma'aikacin gidan waya ko'ina. A rubuta adireshin da wasiƙa ke isa da gaske. Idan mako uku ya wuce shiru, ana iya neman a sake aikowa, amma idan aka cika wata huɗu ba a shigar da lambar ba, talla za ta daina fitowa a tashar.

Shinge na biyu shi ne harajin Amurka. Tun shekarar 2021 Google ke cire haraji daga abin da aka samu ta masu kallo da ke Amurka. Wanda ba Ba'amurke ba yana cike takardar W-8BEN a cikin AdSense, yana bayyana sunansa da ƙasarsa. Nijeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, don haka ana cire kashi 30, amma daga kuɗin masu kallon Amurka kaɗai. Wanda kuwa ya ƙi cikewa, ana iya zabtare masa har kashi 24 na duk abin da ya samu a faɗin duniya.

Mu ɗauki misalin mai tashar girke-girke a Kano. A Janairu ta samu dala 40, a Fabrairu 35, a Maris 45, jimilla 120. Google ba ya biya sai kuɗi ya kai dala 100, saboda haka na watanni biyun farko suna nan ajiye, ba su ɓata ba. A ce dala 12 daga ciki ta fito ne daga masu kallo a Amurka. Idan ta cike takardar, za a cire dala 3.60, saura 116.40, kuma za a tura mata tsakanin 21 da 26 ga Afrilu. Idan ba ta cike ba, abin da za a cire zai iya kai dala 28.80, saura 91.20. Ka ga ta yi asara biyu: kuɗin ya ragu, kuma bai kai ƙa'idar biya ba, sai ta ƙara jira.

Sai banki. A Nijeriya kuɗin yana zuwa ne daga banki zuwa banki ta hanyar SWIFT, shi ya sa masu tasha ke buɗe asusun dala. AdSense zai nemi sunan mai asusu, sunan banki, lambar asusu da lambar SWIFT ta bankin. A rubuta sunan daidai yadda yake a banki, domin ɗan bambanci irin na Muhammad da Mohammed yana iya sa a tsayar da kuɗi ko a mayar da shi. Isowarsa tana iya ɗaukar har kwanakin aiki 15, kuma bankunan da ya ratsa kan ciri ladansu, don haka abin da ya sauka yakan gaza abin da aka turo.

Duk wani gyara da ya shafi biya, a kammala shi kafin 20 ga wata, in ba haka ba sai wata mai zuwa. Takardar W-8BEN ma tana ƙarewa a ƙarshen shekara ta uku bayan shekarar da aka sa mata hannu. Mai tasha, kada ka jira sai ka tara dala 100: ranar da ka buɗe AdSense ka gyara adireshinka, da an buɗe maka wurin haraji ka cike takardar, sannan ka je bankinka ka karɓi lambar SWIFT a rubuce.