Warin Bakin Kyanwa Ba Na Kifi Ba Ne

Da yawa daga masu kiwon kyanwa, in suka ji bakinta yana wari, sai su ɗora laifin kan kifin da ta ci. Warin abinci ba ya daɗewa. Wanda ya zauna kullum, har mutum ya kau da kai in ta yi hamma, kusan ko da yaushe ciwo ne a dasashi.

Babbar kyanwa tana da haƙora 30, kuma sukan gama fitowa tana da kamar wata shida. Tun daga lokacin, kullum wani danƙo na ƙwayoyin cuta yana kwanciya a kansu. In ba a goge shi ba, cikin 'yan kwanaki sai ya haɗu da sinadaran miyau ya daskare, ya zama kanta mai ruwan ƙasa. Dasashi ya yi ja, ya kumbura. A wannan mataki ana iya warkewa sarai. Amma da zarar cutar ta gangara ƙarƙashin dasashi ta fara cin ƙashin da ke riƙe da haƙori, abin da ya tafi ba ya dawowa.

Matsalar ita ce kyanwa gwana ce wajen ɓoye ciwo. A ɗauki misalin mage mai shekara shida wadda har yanzu tana cinye abincinta, don haka mai ita ya ɗauka lafiya lau take. Da zai tsaya ya lura, zai ga tana karkata kai tana tauna da gefe ɗaya, loma tana faɗo mata, gashinta ya cukurkuɗe don ta rage lasar jiki. In ya ɗaga leɓenta na sama ta gefe, ba tare da ya buɗe bakin ba, zai ga jan layi a inda dasashi ya haɗu da manyan haƙoran baya, wataƙila har da ɗan jan nama ya hau kan haƙori ɗaya. Wannan naman yakan rufe rami ne, domin kyanwoyi suna da wata cuta da jiki da kansa ke zaizaye haƙori tun daga gindi. Tana da zafi ƙwarai, kuma ba a cike irin wannan rami, maganinsa cire haƙorin.

Irin wannan mage ba buroshi take bukata ba tukuna. Goge baki mai ciwo azaba ce, kuma daga ranar ba za ta sake yarda a taɓa fuskarta ba. Likitan dabbobi ne zai yi mata allurar barci, ya kankare kantar har ƙarƙashin dasashi, ya ɗauki hoton saiwoyin in yana da na'ura, ya cire abin da ya lalace. Mutane sukan tsorata da batun cire haƙori, alhali kyanwar gida tana cin abinci lafiya ko da babu haƙori ko ɗaya. Kada a ba ta farasitamol don rage zafi: ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Bayan baki ya warke, sai a fara gogewa, a hankali. A 'yan kwanakin farko a saba mata da taɓa leɓe kawai. Daga nan a naɗa ƙyalle mai tsabta a yatsa, a tsoma shi a romon kifi marar gishiri da albasa, a shafa bayan haƙoran ta wajen kunci. Ba sai an shiga ta wajen harshe ba. Rabin minti ya isa, amma a yi kullum, ko a ƙalla a riƙa tsallake rana ɗaya. Sau ɗaya a mako ɓata lokaci ne, don danƙon ya riga ya daskare. Man goge baki na mutane bai dace ba, saboda kyanwa ba ta tofarwa, haɗiyewa take yi. Akwai kyanwar da ba za ta taɓa yarda ba, ko da me aka yi mata. Ita kam sai a riƙa duba bakinta duk wata, a kai ta wurin likita ko sau ɗaya a shekara. Busasshen abincin leda bai cika wanke haƙori ba, yawanci haɗiye shi take yi, dafaffen ƙashin kaza kuwa tsagewa yake ya soke ta.

Wani warin ma ba daga haƙori yake ba. Tsohuwar kyanwa da bakinta ke zarnin fitsari, tana yawan shan ruwa tana ramewa, ƙodarta za a duba. Wadda kuwa ta fara dalalar da miyau farat ɗaya, halinta ya sauya, musamman in tana yawon waje kuma ba a yi mata rigakafin ciwon haukan kare ba, kada kowa ya sa hannu a bakinta. A rufe ta a ɗaki, a hana yara zuwa kusa, a kira likitan dabbobi.